Tikitin da na saya a Balin da wanda aka saya wa kare

Tunda Sakataren ƙungiyarmu ya riga ni dawowa Katsina ya baza labarin yadda ya ga dama, har yaran shagona sun fara sunkuyar da kai suna murmushi in na shigo, gara in faɗi nawa. Kun san abin da ya kai mu Jamus a Janairun 2025, baje kolin kayan gona da ake yi a Balin, da ƙananan ledojin zoɓo da riɗi da muka ɗauka na gwaji. Alhaji, babbanmu a ƙungiyar, ya hau tasi daga filin jirgi ya bar mu, ya ce mu yara ne, mu bi jirgin ƙasa. Tashar tana ƙarƙashin ginin filin jirgin, muka sauka, babu ɗan kamasho, babu mai kiran gari, sai na'urori a jere da allon taɓawa.

Abu na farko da za ka yi shi ne neman 'yar tutar Ingila a jikin allon ka taɓa, rubutun ya koma Turanci. Wannan na yi shi ba tare da taimakon kowa ba, ina so a rubuta. Sai maganar inda za ka. Ni na zo da sunan tashar wurin baje kolin a takarda, Messe Süd, na zaci zan rubuta shi ne a ba ni kuɗinsa kamar yadda ake cewa Katsina zuwa Funtuwa kaza. Akwai wurin rubuta suna ga mai so, amma a cikin Balin abin da ake sayarwa yanki ne. An raba garin ukku. A shi ne tsakiya, cikin layin jirgin da ya yi wa garin zobe. B daga wannan zoben har iyakar gari. C kuma ƙauyuka da garuruwan da ke kewaye, irin su Potsdam. Tikitin yakan zo AB, ko BC, ko ABC. Tarkon da baƙo ke faɗawa shi ne filin jirgin a C yake, don yana wajen iyakar gari. In ka ga AB ya fi sauƙi, yuro 3.80 a lokacin, ka danna shi don ai cikin gari za ka, to tun daga inda ka shiga jirgin ba ka da tikiti. Wanda ya taso daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari ABC ne nashi, yuro 4.70 a lokacin. Wannan ma na ci shi, don akwai taswira a gefe kuma na yi firamare.

Daga nan allon ya nuna farashi biyu na tikiti ɗaya, 4.70 da 3.40, na ƙasan an rubuta mashi "Reduced fare". Sakatare ya leƙo ta kafaɗata ya ce, “Ranka ya daɗe, ga ragi nan an yi wa baƙi, za ka biya mai tsada kamar ba ɗan kasuwa ba?” Ku da kuka san shi kun san muryar da yake amfani da ita in yana son ya jefa mutum rami, a hankali, cike da ladabi. Bahaɗeje ne, ban san abin da ya sa na manta ba. Na danna 3.40.

Biyan kuɗi shi ya ci mana lokaci. Na sa katina, na'ura ta yi ɗan tunani ta dawo da shi, don katin naira ne da ba a buɗe mashi sayayya a waje ba. Na ciro takardar yuro 50 sabuwa fil, irin wadda 'yan canji ke ba ka a Wapa, na tura, ta turo mani ita. Na shafe ta a cinya na juya na sake turawa, ta sake fitowa. Ashe allon yana nuna hoton kuɗin da zai karɓa a wannan cinikin, kuma in abin da ka saya kaɗan ne ba ya karɓar babbar takarda, saboda canji da tsaba yake bayarwa, ba zai zube maka sulallan yuro arba'in da wani abu ba. Wanda zai tafi ya nemi takardun 5 da 10 tun daga gida, ko ya sayi ruwa a sama ya samu canji kafin ya sauko. Ina cikin laluben aljihun babbar riga ta ƙarƙashin rigar sanyi, na'urar ta gaji da jirana ta share komai ta koma farko, da Jamusanci. Ba ta jira, in ka daɗe ba ka taɓa ta ba ta ɗauka ka tafi.

A nan tsohuwar ta shigo labarin. Tana bayanmu tun ɗazu, da jar hula da wani kare baƙi mai tsayin ɗan maraƙi, an sa mashi takunkumi. Ba ta ce uffan ba, numfashi kawai take ja tana saki ta hanci duk lokacin da kuɗina ya dawo. Ni da a Ƙofar Soro ba a tsallake gaisuwata, ga ni ina zufa a cikin sanyin da ke fasa leɓe saboda numfashin wata tsohuwa. Karen kuwa ya zauna ya kafa mani ido, ni kuma ina ta janye riga kada ya shinshina in nemi inda zan wanke. Da ƙyar na tarar da yuro 5 a cikin fasfo, na sake bin matakan tun daga tuta, na sake danna 3.40 da hannuna, tikiti ya faɗo ƙasa cikin aljihun na'urar tare da canji.

Na matsa gefe ina gyara kaya. Abin da ban gani ba, sai daga baya, shi ne da Sakatare ya zo nashi sai ya yi fuskar maraya, tsohuwar ta miƙa yatsa ta daddanna mashi, ta zaɓar mashi 4.70, ya biya bai ce ƙala ba. Ya ga farashinsa ya bambanta da nawa. Ya gani sarai. Ya ninke tikitinsa ya sa a aljihu.

Ita ce kuma ta nuna mana ɗan akwatin da ke bakin dandamali, inda ake tura tikiti ya buga mashi hatimin tasha da rana da lokaci. Wannan kada wanda ya raina shi. Babu ƙofa babu mai gadi a tashoshin nan, kana iya shiga jirgi ba wanda ya tambaye ka, amma tikitin da bai sha hatimi ba daidai yake da babu. Sau ɗaya ake bugawa, kuma daga lokacin kana da minti 120, kana iya sauya jirgi ko ka hau bas, amma gaba kawai, ba a komowa da shi. Na buga nawa na ji ƙarar, na ce alhamdulillahi, an gama.

Muka hau jirgi mai lamba S9. Mun yi nisa, na fara gyangyaɗi, sai ƙofa ta rufe a wata tasha wasu samari biyu suka miƙe, ɗaya daga wannan ƙarshen ɗaya daga wancan, cikin kayan gida, suka ciro katin shaida. Na miƙa nawa da ƙwarin gwiwa, har da murmushi. Yaron ya duba tikitin, ya dube ni, ya dubi furfurar gemuna, ya sake duba tikitin. Ya tambaye ni da Turanci shekaruna nawa. Na faɗa mashi. Ya sa yatsa a kan wata doguwar kalma da ke jikin takardar, "Ermäßigungstarif", ya ce wannan na yara ne 'yan shekara 6 zuwa 14, nawa ya kamata a ga "Regeltarif". Na ce ai ragi ne na gani. Ya ce e, ragi ne, na yara. Sai ya ɗan yi shiru, don Allah ya riga ya ƙaddara sai na ji sauran, ya ƙara da cewa, “Ko na kare.”

Jama'a, a daidai wannan lokacin abokin aikinsa yana kan tsohuwar, kujera biyu tsakaninmu. Ta miƙa takardu biyu, nata da na karen. Ƙaramin kare da ke cikin jaka kyauta yake tafiya, amma babba irin wannan sai an yankar mashi tikitin ragi. Yaron nawa, wai don ya fahimtar da ni, ya karɓo na karen ya haɗa da nawa ya ɗaga su a gaban idona. ABC, 3.40, hatimin tasha ɗaya, mintinmu ma kusan ɗaya. Bambancin kawai shi nashi halal ne. Karen yana kwance ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, ya ɗago ido ya dube ni ya mayar. Tsohuwar ta saki wannan numfashin nata. Wani saurayi da ke tsaye ya cire abin kunnensa don ya ji da kyau. Na juya in nemi Sakatare ya sa baki, sai na gan shi ya manna goshi a gilashin taga yana kallon gari, kafaɗunsa na rawa. An ce Bakatsine kunya gare shi ba tsoro ba, to ranar na samu rabona na shekara.

Aka sauke ni a tasha ta gaba, Sakatare ya biyo ni da akwatin zoɓo yana ta “subhanallahi, subhanallahi” kamar ba shi ba. Suka karɓi fasfo suka rubuta, suka ba ni takardar tara, yuro 60, a biya cikin kwana 14. Na ce to in cika yuro 1.30 da ya rage mana, a wuce wurin. Ya ce ba a cikawa, tikitin da ba na rukuninka ba kamar ba ka saya ba ne. Na gwada cewa ni baƙo ne, yau na sauka, ya ce ya sani, ya gani a fasfo. Har na fara “haba ɗana”, sai na tuna ba ya ji.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne a dandamalin nan sai da na sake tsayawa gaban wata na'urar na sayi sabon tikiti, wannan karon AB don mun riga mun shigo gari, Sakatare kuma ya tsaya a bayana yana ba ni shawara. Mutumin da har yau bai biya ni kuɗin buhunan da na ara mashi tun kakar bara ba, wanda ya ci kilishin da na kai wa Alhaji ya ce kwastan suka ƙwace. Ya ce wai shi bai ce in danna ba, tambaya ya yi. A majalisa kuma ya ƙara gishiri, ya ce karen ya matsa mani wuri a kujera, abin da bai faru ba, a ƙasa yake kwance.

Alhaji dai ya ce ƙungiya ba za ta biya tarar ba tunda ba ta cikin kasafi. Ma'aji ya ce in kawo rasit a duba a zama na gaba, ga shi an ɗage zaman sau biyu. Zoɓon ma ba mu samu mai saye ba, wani ɗan Turkiyya ne kawai ya karɓi lambar waya.