Cinikin da yaron kamfani ya ƙulla ba da izini ba: tsakanin Kano da Jidda

A kasuwar Kwari ko ta Singa, duk wanda ya tarar da yaro zaune a shagon Alhaji, yana rubuta rasit yana karɓar kuɗi, ba ya tambayarsa takardar da ta ba shi ikon sayarwa, domin zaman da maigida ya bar shi ya yi a wurin ya isa shaida. A nan Jidda, inda nake zaune, 'yan uwanmu 'yan kasuwa suna zuwa da wannan al'ada, su yi ciniki da wakilin tallace-tallace na wani kamfani, wanda ake kira mandubi, su biya kafin alƙalami, daga baya kamfanin ya ce mutumin ba shi da hurumin yanke wannan farashi. Ra'ayina shi ne al'adar gida tana da tushe mai ƙarfi a shari'a da doka, amma tana da iyaka guda wadda mutanenmu ba sa lura da ita: alamar cewa ma'aikaci yana da iko dole ne ta fito daga kamfanin da kansa, kuma maganar bakin ma'aikacin kaɗai ba ta ɗaure kowa.

Iko iri biyu ne. Akwai na haƙiƙa, wanda kamfani ya ba ma'aikacinsa a rubuce ko da baki, kuma wannan magana ce tsakaninsu wadda baƙo ba ya gani. Akwai kuma na zahiri, wato abin da kamfani ya nuna wa jama'a ta hanyar muƙamin da ya ba mutum, da kujerar da ya zaunar da shi, da hatimi da takardun da ya damƙa masa, da cinikin baya da ya zartar ba tare da ƙorafi ba. Rigima tana tasowa ne idan na zahirin ya fi na haƙiƙar faɗi.

Dokar Nijeriya ta gaji hukuncinta a wannan babi daga kotunan Ingila. A shekarar 1964 kotun ɗaukaka ƙara ta can ta saurari ƙarar masu zanen gine-gine da wani darakta mai suna Kapoor ya ɗauka aiki da sunan kamfaninsa. Ba a taɓa naɗa shi manajan darakta ba, amma sauran daraktocin sun san yana tafiyar da harkokin kamfanin kamar shi ne, suka kuma bar shi. Kotu ta ce kamfanin ya biya, kuma mai shari'a Diplock ya bayyana cewa abin da ake nema shi ne waɗanda ke da ikon haƙiƙa a kamfanin su nuna, da magana ko da aiki, cewa mutumin yana da hurumin yin irin wannan ciniki, sannan wanda ya yi hulɗa da shi ya dogara da abin da aka nuna masa. A 1986 kuma kotun ƙoli ta Majalisar Dattawan Birtaniya ta hukunta ɗaya gefen, a shari'ar hayar wani jirgin ruwa na shekara uku. Ma'aikacin da ya sa hannu ya ce shugabanninsa sun amince masa, alhali ba su amince ba, kuma dillalin da ya tsaya wa ɗaya ɓangaren ya san muƙaminsa bai kai ga irin wannan yarjejeniya ba sai da izini na musamman. Kotu ta ce kamfanin bai ɗauru ba, domin wakili ba ya iya ƙara wa kansa iko da faɗin cewa an ba shi. Dokar kamfanoni ta Nijeriya ta 2020 ta bi wannan hanya, har ta tanadi cewa ba za a ɗauka mutum ya san abin da ke cikin takardun kafa kamfani ba don kawai an ajiye su a hukumar rajistar kamfanoni.

A Saudiyya ana farawa ne daga wani wuri daban. Fiƙihu ya san wanda ya sayar da dukiyar wani ba da izini ba da sunan fuduli, kuma a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, cinikinsa yana nan a rataye har sai mai dukiya ya zartar ko ya rushe. Malamai suna kafa hujja da hadisin Urwatul Bariƙi, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, sai ya sayi biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinarin, aka kuma yi masa addu'ar albarka. Malikiyya sun ƙara da cewa idan aka sayar da kayan mutum a gabansa ya yi shiru, cinikin ya lizimce shi, kuma alƙalanmu na Arewa sun san wannan daga littafin fiƙihu na Tuhfa ta Ibn Asim. Dokar mu'amaloli ta Saudiyya, wadda ta fara aiki a watan Disamba na 2023, ta tsaya a kan cewa wakili ba ya wuce iyakar da ke cikin abin da ya kafa wakilcinsa. Dokar kamfanonin ƙasar da ta fara aiki a Janairun 2023 ta sassauta wa baƙo a matakin sama, inda ta ɗora wa kamfanin hannun jari ayyukan majalisar daraktocinsa ko da sun wuce huruminsu, muddin wanda ya yi hulɗa da su bai san haka ba kuma ba shi da mugun nufi. Sai dai mandubi ba majalisar daraktoci ba ne, kuma da shi mutanenmu suke ciniki.

Mu ɗauki misali. Wani ɗan kasuwa Bahaushe yana son katan 800 na dabino don aikawa gida kafin azumi. Farashin kamfanin riyal 100 ne kowane katan, kuma an ba mandubi izinin yin ragi har kashi 5 cikin ɗari, wato ya sauka zuwa riyal 95. Don ya cika adadin da ake nema daga gare shi a wata, sai ya yanke riyal 85, jimillar kuɗin ta zama riyal 68,000 maimakon 76,000 da izininsa ya tsaya a kai, ya kuma karɓi kafin alƙalami na riyal 30,000. Ranar lodi manaja ya ce sai an cika riyal 8,000 ko a fasa.

Abin da zan fara dubawa shi ne takardar farashin. Idan an buga ta a kan takardar kamfanin da hatiminsa, ta fito daga adireshin da kamfanin ke aika wa abokan cinikinsa saƙo, kuma babu sharaɗi a jikinta, ɗan kasuwar yana da hujja mai kyau, domin yin ragi aiki ne da aka saba gani daga mai sayarwa, kuma iyakar kashi 5 sirri ne na cikin gida da ba a sanar da shi ba. Amma idan a ƙasan takardar an rubuta cewa duk ragin da ya wuce kashi 5 sai da sa hannun manajan tallace-tallace, to an sanar da shi ke nan, kuma rashin iya karanta Larabci ba zai zama uzuri mai ƙarfi a gaban alƙali ba. Idan mandubin ya ce masa, "Na yi wa manaja waya, ya yarda," wannan ita ce ainihin maganar da kotu ta ƙi karɓa a 1986, kuma ba na tsammanin za ta fi samun karɓuwa a ƙasar da ake neman wakilci a rubuce.

Sai kuma inda kuɗin ya shiga, kuma a nan ne asara mai ciwo take faruwa. Riyal 30,000 da aka tura asusun kamfanin, aka kuma bayar da rasit da ya ambaci lambar takardar farashin, ya ɗaure kamfanin da cinikin fiye da kowace magana. Kuɗin da aka miƙa wa mandubi a hannu, ko aka tura asusunsa na kansa saboda ya ce asusun kamfanin yana da matsala, yana iya zama bashi tsakanin ɗan kasuwar da mutum ɗaya wanda ƙila ya riga ya bar ƙasar. Ikon nemo ciniki daban yake da ikon karɓar kuɗi, kuma neman a biya ta asusun mutum alama ce da ya kamata ta sa kowane mai hankali ya tsaya ya bincika. Wanda ya ga irin wannan alama ya wuce ta, da wuya ya iya cewa ya dogara da kamfanin da zuciya ɗaya.

Abin da ya faru kafin cinikin da bayansa shi ma yana da nauyi. Idan wannan mandubi ya taɓa ba shi ragi mai yawa a cinikin baya kuma kamfanin ya fitar da kaya ya karɓi kuɗi bai ce uffan ba, kamfanin ne da kansa ya koya masa cewa maganar mandubin tana aiki. Haka nan idan manaja ya ga farashin riyal 85, ya bari aka loda katan 300, sannan farashin dabino ya tashi ya ce bai yarda ba, to ya riga ya zartar da cinikin da aikinsa. A wannan gaɓa fiƙihu da dokar da Nijeriya ta gada sun haɗu, domin duka biyu suna ɗaukar amincewar da ta biyo baya tamkar izinin da ya gabata, da sharaɗin mai amincewar ya san abin da yake amincewa da shi.

A ganina adalci yana tare da ɗora nauyi a kan kamfanin da ya zaɓi ma'aikaci, ya ba shi hatimi, ya ci ribar cinikinsa masu kyau, domin shi ne ya fi kowa ikon hana ɓarnar, kuma layi ɗaya a jikin takardar farashi ya ishe shi. Ina jin zafin yadda wasu 'yan kasuwa a gida suke sallamar yaro su ƙi sanar da abokan hulɗa, su kuma bar littafin rasit a hannunsa, sannan su ce babu ruwansu da abin da ya karɓa. Wanda ya yi haka ya bar alamar ikon tana aiki bayan ya janye ikon, kuma bai kamata baƙon da bai sani ba ya biya kuɗin sakacinsa.

Duk da haka, a Saudiyya bincike ya yi sauƙin da barinsa yake raunana mai ƙara. Rajistar kasuwanci, wadda ake kira sijilli tijari, tana nuna sunan manajan da ke wakiltar kamfani. Wakilcin da aka rubuta ta ma'aikatar shari'a yana da lamba, kuma ana iya tantance ta a dandalin Najiz a ga ko wakilcin yana nan da ransa da kuma abin da ya ƙunsa, domin wakilcin bin takardu a ofisoshin gwamnati, irin na mu'aƙƙibi, bai haɗa da sayarwa ko karɓar kuɗi ba sai an ambata. Takardar izini ta cikin gida kuwa a kan tabbatar da sa hannun da ke kanta a cibiyar 'yan kasuwa. A cinikin dabinon nan, saƙo ɗaya zuwa ga manajan, da takardar farashin a haɗe, ana neman ya tabbatar da riyal 85 da lambar asusun kamfanin kafin a tura riyal 30,000, zai mayar da maganar mandubin ta zama maganar kamfanin. Idan manajan ya ƙi tabbatarwa, ɗan kasuwar yana da sauran lokacin neman dabino a wani wuri kafin jirgin ruwan da zai kai kayan gida ya tashi, kuma kuɗinsa suna hannunsa.