Murabaha da bashin ruwa: ina suka rabu?

"Malam, firji na riyal 10,000 a Jidda, murabaha ko bashin ruwa, duk 11,200 zan biya a wata 24. Ba suna kawai aka canza ba?"

Kuɗin na iya zuwa ɗaya, Alhaji, amma a murabaha sai banki ya sayi firjin ya mallake shi tukuna, sannan ya sayar maka da ƙarin ribar da kuka amince a kai. In ya lalace kafin ya shigo hannunka, asarar bankin ce.

Bambancin ya fi fitowa ranar da ka makara. Bashin ruwa ya ci gaba da haihuwa ke nan. A murabaha kuwa 11,200 ɗin ta zauna daram; ko an ci tararka, sadaka ake yi da ita, ba ta shiga aljihun banki. In kuma za ka biya da wuri, duba takardar yarjejeniyarku kan batun ragi.