Yadda 60 ɗin Tanko ta koma 45

TANKO: Malam, an cuce ni! An kafe sakamako, wai 45 na samu, alhali 60 ce.

MALAM: Sarkin Musu ke nan. Ina ka samo 60?

TANKO: Aikin gida na ci 90 bisa 100. Gwaji kuwa 24 bisa 40, na raba 24 da 40, na ninka da 100, ya ba ni 60.

MALAM: Nan ka yi daidai, sai an mai da kowane maki bisa 100 tukuna. Jarrabawa fa?

TANKO: (ya yi ƙasa da murya) 30.

MALAM: Ɗaga murya, ɗazu ai har waje ake jin ka.

TANKO: 30! Na tara su, 180, na raba gida uku, 60 cif.

MALAM: Rabawa gida uku tana aiki ne in duk ukun nauyinsu ɗaya. Me takardar kwas ta ce?

TANKO: Aikin gida kashi 10 cikin 100, gwaji kashi 30, jarrabawa kashi 60. Na ɗauka ado ne.

MALAM: Tara su ka gani, 100 ne daidai. In ba su cika 100 ba, akwai abin da aka manta. To, kowane maki ka ninka shi da nauyinsa. 90 sau 0.1?

TANKO: Tara. Malam, 90 ɗina guda ta koma 9?

MALAM: Ko 100 ka ci, 10 ce iyakarta. 60 sau 0.3?

TANKO: 18.

MALAM: 30 sau 0.6?

TANKO: Ita ma 18. Jimla... wannan kalkuletar batirinta ya yi sanyi.

MALAM: Lafiyarta lau, 45 ta nuna. Lissafinka ya ba aikin gida kashi ɗaya bisa uku, alhali kashi ɗaya bisa goma ne rabonsa. Maki ɗaya na jarrabawa daidai yake da shida na aikin gida.

TANKO: To nawa ya kamata in ci in kai 50 ta tsallakewa?

MALAM: Da 27 ka shiga ɗakin jarrabawa, saura 23. Raba 23 da 0.6, zai ba ka 38 da ɗoriya. Ka ga 39 ke nan, don 38 a 49.8 za ta tsayar da kai.

TANKO: Malam, ina da shawara. A yi musu musaya: aikin gida 60, jarrabawa 10. Ka ga 54 da 18 da 3, na tashi da 75!

MALAM: Lissafin ya fita tsaf, yau ɗaya. Sai dai wannan 75 ɗin ta Ladi ce.

TANKO: Wace Ladi kuma?

MALAM: Wadda ka kwafe aikin gidanta har da sunanta a shafi na biyu.