Ku Daina Cewa "Sai Kumburin Ya Sace" Alhali Mugunya Ta Sauka Wuya

Abin takaici ne a ce har yanzu mutum yana zuwa da haɓa a kumbure, baki ba ya buɗuwa, wanda ke bayan kanta a kemis ya ƙulla masa amoksisilin da diklofenak a leda ya ce ya dawo bayan kwana biyar. Wani ma a ƙaramin asibiti ake sallamarsa da cewa ba a cire haƙori sai kumburi ya sace. Wa ya koya muku wannan? Mugunyar da ta taru a rufe ƙwayar magani ba ta ratsa ta yadda ya kamata. Maganinta a buɗe ta fita, a kuma cire haƙorin da ya haife ta ko a wanke cikin saiwarsa.

Mu ɗauki haƙoran turmi na ƙasa, na biyu ko na ƙarshe, domin su suka fi yin kisa. Kogo ya ci haƙorin har jijiya ta mutu, mugunya ta taru a ƙarshen saiwa. A nan ake yaudaruwa: zogin da ya hana barci yakan lafa, ko don jijiyar ta mutu, ko don mugunyar ta huda ƙashi ta samu wurin malala. Sai a ce sauƙi ya samu. Ina sauƙi! Saiwoyin waɗannan haƙoran sun zarce tsokar da ke shimfiɗe a ƙasan baki, saboda haka idan mugunya ta ɓalle ta ciki, ƙarƙashin muƙamuƙi take zuba, daga nan ta ƙetara ɗaya gefen, ta shiga ƙarƙashin harshe. Wannan shi ne ciwon da ake kira da sunan Ludwig, likitan Jamus da ya bayyana shi a 1836, kuma cikin sa'o'i yake iya toshe hanyar numfashi.

Gane shi bai buƙatar na'ura, shi ya sa sakacin yake ƙona rai. A ce mara lafiya ya sa yatsunsa a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Mai lafiya uku ke shiga. Idan biyu ba su shiga, cutar ta kama tsokokin tauna. A taɓa ƙarƙashin haɓa: kumburin da ya kama hagu da dama, ya yi tauri kamar katako, har ba a jin gefen ƙashin muƙamuƙi, wannan ba hangum ba ne, ba kaluluwa ba ce. A leƙa baki a ga ko harshe ya ɗago sama. A saurari murya, ko ta shaƙe kamar mai magana da loma a baki. Mutumin da yawu ke dalala don ya kasa haɗiya, ya ƙi kwanciya, ya zauna ya miƙo wuya gaba, ko numfashinsa ya fara ƙara, ba a jira da shi gari ya waye. Haka wanda zafin jikinsa ya kai 38, yana karkarwa, zuciya na bugawa sama da 100 a minti, ko ya fara sambatu. Idan ja da kumburi suka gangaro ƙasan wuya, ga ciwon ƙirji, cutar na neman shiga ƙirji ke nan.

Haƙoran sama kuwa, musamman fiƙa, ido suke nufa. Fatar ido ta kumbura har ya rufe, ko ana gani biyu-biyu, ga matsanancin ciwon kai, to akwai haɗari, domin hanyoyin jinin wurin suna da mahaɗa da cikin ƙoƙon kai.

Sai kuma masu haɗa deksametazon a cikin ƙullin magani. Kumburi zai ɗan ja baya, zazzaɓi ya ɓuya, garkuwar jiki ta yi rauni, sukarin mai ciwon suga ya hau, cutar kuma tana tafiyarta. Mai ciwon suga dama shi ta fi saurin kayarwa. Gashi da ruwan zafi, cusa kanwa ko ruwan batir a kogo, da kai wa wanzami ya tsaga, duk ɓata lokaci ne da ƙarin rauni.

Da an ga ɗaya daga cikin alamun nan, sashen gaggawa na babban asibiti mai likitocin tiyatar baki da fuska za a nufa, ko da ƙarfe biyun dare ne, ko ɗakin haƙori a kulle yake. A ɗauke shi a zaune, kada a kwantar da shi rigingine, kada a ɗura masa abinci ko ruwa domin ana iya shiga tiyata, a kuma tafi da kwalayen duk abin da ya sha. A can za a fara tsare hanyar numfashi, wani lokaci da bututu ko huda maƙogwaro, a ba da magani ta jijiya, a tsaga a fitar da mugunya, a cire haƙorin. Mai karɓar kati kuma, in ka ga mutum yana dalalar yawu ya kasa faɗin sunansa, kada ka ce ya bi layi.