Hoton saƙon farasitamol ɗin nan da ke yawo, mu ɗan tsaya mu duba shi

Wanga hoton ya sake dawowa guruf-guruf na WhatsApp a Sakkwato: wai kar a sha farasitamol mai rubutun P-500, fari tas mai ƙyalli, wai likitoci sun ce akwai ƙwayar cutar Machupo cikinsa. Tun wajen 2017 yake zagaya ƙasashe, hukumomin lafiya na ƙaryata shi, amma ya ƙi mutuwa.

Abin da ke ba shi ƙarfi shi ne akwai ɗan gaskiya ciki. Machupo cuta ce ta haƙiƙa, a Bolibiya anka gano ta a 1963, wani nau'in ɓera ke yaɗa ta, dangi ɗaya suke da Lassa da munka sani. To amma samuwar cuta daban, samunta cikin ƙwayar magani daban, kuma irin wagga ƙwayar cuta ba ta jure bushewa da matsar da ake yi wurin haɗa maganin, balle watannin da zai kwashe a kwali cikin zafin garin nan. Shi kuwa 500 ɗin da ake tsorata mutane da shi nauyin maganin ne kawai, miligiram 500.

Sai ka tambayi hoton, wane likita? Wane kamfani, wace rana? Shiru. In NAFDAC za ta yi gargaɗi kan magani tana faɗin sunansa da kamfanin da ya yi shi da lambar rukunin da abin ya shafa, ta sa a shafinta, ba ta cewa "fari mai ƙyalli", don ai rabin kayan kemis farare ne. Ɗauko kwalin gidanku ka nemi NAFDAC Reg. No., ka buga a greenbook.nafdac.gov.ng ka ga ko sunan maganin da kamfanin sun yi daidai. 'Yan jabu kan kwafi lamba fa, saboda haka in ka ga saɓani ka kai ma mai ilimin haɗa magani ya duba.

Ni zamansa hoto ma ya fi damuna. Saƙon rubutu in ya yi yawo sosai WhatsApp kan liƙa masa Forwarded many times, amma da an ɗauke shi hoto an yanke sama an tura sabo, shikenan alamar ta tafi, ranar ma ta tafi. Sa shi a Google Lens, ko ka buga Machupo da P-500, za ka ga shekarunsa.

Wani zai ce turawa ba laifi, rigakafi ne. Ban yarda ba. Uwa ta hana yaro mai zazzaɓi magani saboda hoton nan, ko ta koma ma wanda ya fi cutar da shi. Haɗarin farasitamol na gaske kuwa hoton bai taɓo shi ba: babba in ya wuce giram 4 a awa 24, wato ƙwaya takwas, hanta na iya lalacewa, kuma magungunan mura da yawa akwai farasitamol cikinsu, mutum ya haɗa biyu bai sani ba.