Jarka ɗaya ga buhu ɗaya: maganar ruwa a kwaɓin kankare

Jama'a, duk wanda yake gini a Garwa ko Marwa a nan arewacin Kamaru ya san yadda ranar zuba kankare take. Mai gida ya tsaya yana ƙirga buhunan siminti kada a yi masa awon gaba da ɗaya, ya duba kaurin rodi, ya yi ciniki a kan motar tsakuwa har murya ta dishe. Amma ruwa, babu mai aunawa. Tiyo na kwance a bakin wurin kwaɓi, ko duro cike da bokiti a gefe, magini ya ɗaga murya ya ce wa lebura "kai, ƙaro ruwa, abin ya yi tauri", shi ke nan an ƙara. Ni a ganina ƙarfin ginin da ake asara ta wannan hanya ya fi wanda ake asara ta satar siminti, don ita sata ana tsaronta, wannan kuwa a gaban mai gida ake yi yana kallo yana jin daɗi aiki na sauri.

Mutane da yawa sun ɗauka kankare bushewa yake yi, shi ya sa suke cewa ai ko ruwan ya yi yawa rana za ta shanye shi. Siminti ba bushewa yake ba, haɗuwa yake da ruwa ya zama wani abu dabam mai tauri, wanda ke kama yashi da tsakuwa ya ɗaure su. Shi ya sa kankare yake tauri ko a ƙarƙashin ruwa. Kuma ruwan da wannan haɗuwa take ci ƙayyadadde ne. Buhu mai kilo 50, ko na Simankam da ake yi a Figil ne ko na Ɗangote, abin da zai shiga jikinsa ya zama dutse bai wuce lita 12 ba. Idan aka haɗa da ruwan da ke maƙale a cikin wannan sabon dutsen, duka abin ya tsaya wajen lita 20 zuwa 21. Duk abin da ya haura wannan, zaman ɗan haya yake yi: ya tare wuri yayin da kankaren yake kamawa, daga baya ya fice, ya bar wurin da ya zauna fanko. Waɗannan 'yan ƙananan ramuka da hanyoyi ido ba ya ganinsu, amma ba sa ɗaukar nauyi ko kaɗan.

Awon da injiniyoyi suke yi mai sauƙi ne: nauyin ruwa a raba shi da nauyin siminti. Tunda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita 25 a kan buhu mai kilo 50 ya ba da 0.5. Wani Ba'amurke mai suna Duff Abrams ne ya fitar da wannan ƙa'ida a 1918 bayan gwaje-gwaje masu yawa, cewa muddin an cusa kankare ya zauna da kyau, ƙarfinsa yana bin wannan awon ne, ruwa na hawa ƙarfi na sauka.

Bari mu bi kwaɓin da aka saba yi wa ginshiƙi da bim da dakin, rufin kankare ke nan, a ƙasar nan, wato kilo 350 na siminti a mita kubik ɗaya. Buhu 7 ke nan, da yashi wajen lita 400, tsakuwa wajen lita 800, ruwa lita 175. Idan aka raba shi buhu buhu, kowane buhu zai samu baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa, in baron mai lita 60 ne, sai ruwa lita 25, wato jarkar man girki babba guda ɗaya. A nan ruwan da ya yi rara, wanda zai bar ramuka, lita 4 ne ko 5. Ana haƙuri da shi don kwaɓin ya juyu da shebur.

To sai rana ta take, leburori sun gaji, kwaɓi yana maƙalewa a kwanon ɗauka. Aka ƙara bokiti ɗaya mai lita 10 a kowane buhu. A ido ba wani abu ba ne. Amma ruwa ya koma lita 35, awo ya tashi daga 0.5 zuwa 0.7, kuma rarar da za ta zama ramuka ta tashi daga lita 4 zuwa lita 14, ya fi ninki uku. Idan aka bi lissafin Bolomey da ake koyarwa a makarantun fasaha na ƙasashe masu Faransanci, ƙarfin da zai rage bai fi kashi 62 cikin 100 na asali ba. Kankaren da aka tsara ƙarfinsa zai kai megafaskal 25, ma'aunin ƙarfin kankare ke nan, bayan kwana 28 zai tsaya wajen 15 ko 16. Ɗauki ginshiƙi mai santimita 20 a kowane gefe: a lissafin kankare zalla, wanda ya kamata ya jure kusan tan 100 kafin ya murƙushe, yanzu tan 60 da 'yan kai zai gama da shi. Ko rabin bokiti aka ƙara, ruwa ya zama lita 30, an yi asarar sama da kashi 20. Kuma in ana son a mai da kwaɓin mai lita 35 kan ƙarfinsa na farko, sai an ba shi siminti kilo 70 maimakon 50. Wato bokitin nan guda sai an biya shi da ƙarin kilo 20 na siminti a kowane kwaɓi.

Maginai suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Za su ce maka, "Alhaji, in bai yi ruwa-ruwa ba ba zai shiga tsakanin rodi ba, in an cire katako za ka ga ramuka kamar gidan zuma, kai ne za ka fara yi mana faɗa." Gaskiya ne kwaɓin da ya bushe ƙwarai, aka zuba ba a cusa ba, shi ma rauni gare shi, ramukansa ma manya ne. Sai dai maganin wannan cusawa ce, ba ruwa ba. A zuba kaɗan kaɗan, kada a wuce tsayin santimita 30 zuwa 40 a lokaci guda, a sa injin girgiza in akwai, in babu a caccaka da guntun rodi ana bubbuga katakon da guduma ta waje. Aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa ake gudunsa, musamman in kuɗin aikin na jimla ne ba na yini ba. Ramukan da ido ke gani ana iya gane su a gyara. Kankaren da ya sha ruwa kuwa fitowa yake sumul, mai gida ya yi ta yabo, raunin yana ciki.

Wani abin da ke rikita lissafi a nan arewa shi ne yashi. Yashin da aka ɗebo daga Binuwai ko daga mayo, wato rafi, da damina jiƙe yake, baro ɗaya yana iya zuwa da lita 4 ko 5 na ruwa a jikinsa. Wanda ya zuba cikakkiyar jarka a kan irin wannan ya riga ya kai lita 30 bai sani ba. Don haka in ka damƙi yashi ya dunƙule a hannu ya bar maka danshi, fara da lita 20, ka riƙe sauran sai an ga hali. A watan Maris da Afrilu kuma, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, abin juyewa yake: tsakuwa ta gasu a rana, tana zuƙe ruwan kwaɓi, iska tana kwashe saura. Dabarar ita ce a yayyafa wa tulin tsakuwa ruwa tun da yamma ya tsane kafin safe, a jiƙa katako, a fara zubi da asuba ko bayan la'asar. Sannan a kwaɓa daidai abin da za a iya zubawa cikin rabin awa. Kwaɓin da ya yi awa guda a ƙasa ya fara kamawa, aka watsa masa ruwa aka sake juya shi, wannan ya fi kowanne muni, don an karya ɗaurin da ya fara yi kuma an ƙara masa ruwa. Yashi mai laushi ƙwarai ko mai laka shi ma yana neman ruwa fiye da ƙima, gara mai ɗan tsakin nan.

Yaya mai gida zai gane an wuce gona da iri? Tun a shebur ake gani. Kwaɓi mai kyau yana tsayawa a tudu, kowace tsakuwa ta lulluɓe da siminti, in ka daddanna shi da bayan shebur fuskar ta yi santsi ba tare da ruwa ya kwanta ba. Wanda ya sha ruwa yana malala kamar kunu, tsakuwa ta ware gefe tsirara, ruwan siminti yana tsiyaya ta tsagar katako. Bayan an zuba za ka ga ruwa ya taso ya kwanta a sama, domin tsakuwa ta nutse ƙasa. Wani ruwan ba ya isa sama, sai ya maƙale a ƙarƙashin rodi, ya hana kankare riƙe ƙarfen ta wannan gefen. Washegari fuskar ta yi fari-fari, ka goga da ƙafa ƙura ta tashi, ga 'yan tsage-tsage ko'ina saboda kwaɓi mai ruwa ya fi ƙanƙancewa in yana bushewa. Bayan 'yan shekaru ruwan sama da iska su bi ramukan nan su kai ga rodi, ya yi tsatsa ya kumbura, ya ɓare kankaren ta ƙasan dakin. Yoyon dakin da ake ɗora wa laifin rashin kwalta, sau da yawa daga nan ya samo asali.

A manyan ayyuka ana gwadawa da wani mazubin ƙarfe mai tsayin santimita 30, faɗin gindi 20, baki 10. A cika shi hawa uku, kowane hawa a caka sau 25 da rodi mai milimita 16, a zare shi sama a hankali, a auna yadda tudun ya sauka. Saukar santimita 5 zuwa 9 ta isa yawancin aikin gida. In ya zube ya baje alhali ba a sa masa maganin sassauta kwaɓi ba, ruwa ne ya yi yawa. Duk mai walda zai iya haɗa maka wannan mazubi da guntun falange.

Inda rodi ya yi cunkoso har ana bukatar kwaɓi mai laushi da gaske, hanya biyu ce. Ko a ƙara ruwa da siminti tare, kowace lita 5 ta ruwa da kilo 10 na siminti, awon ya tsaya a 0.5. Ko a nemi maganin sassauta kwaɓi da ake sayarwa a manyan shagunan kayan gini, a zuba shi a ruwan kwaɓi daidai yadda aka rubuta a jikin galan, kada a yi da ka.

Abin takaici, ruwan da ake ɓarnatarwa ranar zubi shi ake rowa bayan nan, lokacin da kankaren yake bukatarsa. Da zarar fuskar ta kama har yatsa ba ya lotsa ta, a rufe da buhunan algarara ko yashi mai danshi, a riƙa ban ruwa safe da rana da yamma, aƙalla kwana 7. Wannan ruwan ba ya shiga lissafin 0.5, don kankaren ya riga ya ɗauki siffarsa, aikinsa kawai ya hana ruwan ciki gudu kafin siminti ya gama cinsa. Ga dakin, a kewaye bakin da ɗan tudun yashi da siminti a tara ruwa ya kwanta a kai. Ga ginshiƙi, a bar katako ya ƙara kwana, in an cire a naɗe shi da buhu ana jiƙawa daga sama.