Wat 200 a kan keke: kalori nawa ya ƙone?

"Na tuƙa keke awa ɗaya a kan wat 200, lissafi ya ba ni kalori 172 kacal. Haka ne?"

A'a, ka tsallake mataki ɗaya. Wat 200 sau daƙiƙa 3,600 ya ba da kilojul 720. Raba shi da 4.184 don mayar da kilojul zuwa kalori, ga 172 ɗinka. Amma wannan aikin da ya isa feda ne kawai. Jiki yana mayar da kusan kashi 24 cikin ɗari na abin da ya ƙona zuwa tuƙi, sauran ya zama zafi, shi ya sa gumi ke keto maka. Don haka raba 172 da 0.24, ka samu kalori 717, wato dab da 720 ɗin farko. Wanda jikinsa ke mayar da kashi 20 kacal zuwa tuƙi kuwa, kalori 860 zai ƙona.